Juji da Ramin Binne Shara na Zamani: Inda Suka Bambanta

Juji da ramin binne shara na zamani duk wuraren kai shara ne, kuma wanda ya hango su daga nesa zai iya ɗauka abu ɗaya ne. Bambancinsu yana ga yadda kowanne ke yi da abubuwa biyu da ruɓaɓɓiyar shara ke fitarwa, wato ruwa da iskar gas. A juji ana zuba shara a tafi, ruwan ya nutse cikin ƙasa, iskar ta bi sararin sama ko ta kama wuta. A ramin zamani kuwa tun kafin a zuba buhun farko an riga an tsara inda ruwan zai taru da hanyar da iskar za ta bi.

Galibi ba a zaɓar wurin juji, samuwa yake yi. A Kano da sauran tsofaffin biranen ƙasar Hausa, kududdufan da aka haƙa ƙasar gini a cikinsu sun daɗe suna zama wurin zuba shara, alhali irin wannan rami shi ne inda ruwan damina ke kwanciya, kusa da rijiyoyin unguwa. Shara a buɗe tana tara ƙudaje da ɓeraye, kuma da yake ba a danne ta, tsibin yana iya zaftarewa idan ya yi tsawo. Haka ya faru a jujin Koshe da ke Addis Ababa a watan Maris na 2017, inda mutum fiye da 100 suka rasu.

Tsarin binnewa ya fara ne da matakai masu sauƙi. Ramin da aka buɗe a Fresno ta jihar Kaliforniya a 1937 ya yi suna da haƙa kwari, da danne shara, da rufe ta da ƙasa kowace rana. Har yau ana bin wannan: a zuba sharar ranar a ɗan ƙaramin fili, babbar mota ta tattake ta, da yamma a bi ta da ƙasa mai kaurin kamar santimita 15. Wannan yana maganin wari da ƙwari da gobara, amma bai hana ruwa sauka ƙasa ba. Shi ya sa daga baya aka ƙaro shimfiɗa.

Shimfiɗar tana da hawa-hawa. A ƙa'idar da Amurka ta kafa a 1991, wadda injiniyoyi a ƙasashe da dama ke koyi da ita, ana fara daɓe yumɓu mai kaurin santimita 60, a daɓe shi sosai har ya zama ruwa ba ya ratsa fiye da kimanin santimita 3 a shekara. A kansa sai a shimfiɗa baƙar leda mai tauri, irin wadda ake kira HDPE, mai kaurin milimita 1.5. Ledar tana zuwa a naɗe, ana haɗa bakunanta da zafi, a bar siririyar kafa tsakanin layin haɗi biyu, sannan a hura iska a ciki. Idan ma'auni ya nuna iskar na raguwa, to haɗin bai kama ba.

Dalilin haɗa yumɓu da leda shi ne kowanne yana rufe aibin ɗan'uwansa. Leda ba ta yoyo sai ta huje, kuma hujewa ba ta da wuya: tsinin dutse ko haƙorin motar haƙa ya isa. Idan akwai yumɓu manne da ita, ruwan da ya bi ta hujin zai tarar da shinge na biyu, sai ɗan kaɗan ya wuce. Shi kuma yumɓu babban maƙiyinsa rana ce. Idan aka daɓe shi aka bar shi ya bushe, zai tsattsage kamar ƙasan tafki a bazara, ruwa kuma ya sami hanya. A wurare masu zafi dole a rufe shi da wuri.

Ruwan sharar kansa baƙi ne ko ruwan ƙasa, mai ɗoyi, ɗauke da gishiri da amoniya da ruɓaɓɓun abubuwa, wani lokaci har da dalma da sauran ƙarafa daga batura. Yawansa yakan ba mutane mamaki. A ɗauki fili mai faɗin hekta ɗaya a yankin da ke samun ruwan sama milimita 800 a shekara. Ruwan da zai sauka a kansa lita miliyan 8 ne. Ko da kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ya ratsa sharar, an sami lita miliyan 2, kuma a ƙasar da damina ke da 'yan watanni, kusan dukansa a lokaci guda zai zo.

Saboda haka ake yi wa ƙasan ramin gangara, a zuba tsakuwa a kan shimfiɗar, a binne bututai masu huji a ciki. Ruwan ya gangara zuwa wata rijiya, famfo ya tura shi tafkin da ake tace shi ko a bar rana ta ƙafar da shi. Ƙa'idar ita ce kada ruwan da ke kwance kan shimfiɗa ya wuce zurfin santimita 30, domin gwargwadon zurfinsa gwargwadon ƙarfin da yake kutsawa ta kowane huji. Nan ne aka fi samun matsala. Bututai kan toshe da laka da dasashi, famfo ya lalace, sai a ga baƙin ruwa na tsatsowa a gefen tsibin. Don gane yoyon da ido ba ya gani, ana haƙa rijiyoyin gwaji a sama da ƙasan ramin bisa yadda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke tafiya. Idan gishiri da amoniya suka ƙaru a rijiyar ƙasa, ta sama kuma ba ta canza ba, to ramin ne ke yoyo.

Ita kuwa iskar gas, binnewar ce ma ke ƙara ta. Shara idan ta rasa iskar shaƙa, ƙwayoyin halitta kan ruɓar da ita su fitar da gas wanda kusan rabinsa miten ne, sauran kuma yawanci kabon dayoksaid. Miten ba shi da wari, kuma yana fashewa idan ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wuri. Idan aka rufe saman rami ba a yi masa mafita ba, sai ya bi ta gefe a ƙarƙashin ƙasa. A 1986, a ƙauyen Loscoe na Ingila, gas daga wani ramin shara ya bi tsagar duwatsu ya taru a wani gida, ya fashe ya rusa shi, mazauna gidan suka jikkata.

Maganin shi ne a kafa bututai masu huji a tsaye cikin sharar, a haɗa su da injin da ke zuƙo gas ɗin a hankali, a ƙone shi ko a tayar da janareta da shi. Zuƙar ma tana da iyaka. Idan ta yi ƙarfi, iskar waje za ta shiga cikin tsibin, wuta ta tashi a ƙarƙashi, irin wadda kan yi watanni tana ci. Shi ya sa ma'aikata ke zagayawa suna auna zafi da yawan iskar shaƙa a bakin kowane bututu.

Idan rami ya cika, ana rufe shi da yumɓu ko leda, a ɗora ƙasa a shuka ciyawa, don rage ruwan da ke shiga. A dokar Amurka, bayan rufewa ana ci gaba da kwashe ruwa da auna gas da gwada rijiyoyi har shekara 30, kuma tun ramin yana aiki ake tilasta wa mai shi ya tanadi kuɗin wannan kulawa.