Hoto ɗaya, launi uku: abin da ke sauya launi tsakanin waya, kwamfuta da takarda

Duk wanda ya taɓa karɓar hotunan biki daga hannun mai hoto ya san wannan gardama. An gyara hoto a kwamfutar situdiyo, kowa ya yaba. An tura wa amarya ta waya, sai ga jan leshinta ya yi jajawur kamar ba shi ta saka ba. An kai wurin bugawa, sai shuɗin ankon ƙawaye ya karkata ya koma shunayya, fuskokin kuma suka yi duhu. Mai hoto ya ce laifin mai bugawa ne, mai bugawa ya ce abin da aka ba shi ya buga. Sau da yawa dukansu gaskiya suke faɗa, domin fayil ɗin bai sauya ba ko kaɗan.

Abin da ke cikin fayil ɗin hoto lambobi ne. Hoton ya ƙunshi miliyoyin ƙananan ɗigo, kuma kowane ɗigo yana ɗauke da lambobi uku: adadin ja, adadin kore, da adadin shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Wannan tsari shi ake rubutawa RGB. Idan ɗigo ya ce ja 255, kore 0, shuɗi 0, umarni ne yake ba na'ura cewa ta kunna janta iya ƙarfinta, ta kashe sauran biyun. Amma wane irin ja? Lambar ba ta faɗa ba. Kamar a ce maka ka auno gero mudu ɗaya ne, ba a gaya maka mudun wace kasuwa ba. Za ka cika mudu har ya yi tozo, ka yi gaskiya, amma abin da ka kawo ya dogara da girman mudun da ke hannunka.

Don a warware wannan ne kamfanonin HP da Microsoft suka fito da ma'auni a shekarar 1996, mai suna sRGB, wanda ya ƙayyade takamaiman ja, kore da shuɗin da lambobin suke nufi. Shi ne ma'aunin intanet har yau, kuma shi yawancin kwamfutocin ofis suke ƙoƙarin bi. A 1998 kamfanin Adobe ya kawo Adobe RGB, wanda ya fi faɗi musamman ta ɓangaren kore. Daga baya Apple ya sa Display P3 a wayoyinsa, tun daga iPhone 7 a 2016, kuma yanzu wayoyi da yawa masu fuskar OLED suna iya nuna launukan da suka kai wannan faɗi. Akan liƙa wa hoto ɗan bayani a cikin fayil ɗinsa da ake kira furofayil, wanda ke gaya wa na'ura ma'aunin da aka yi amfani da shi.

To, mu koma kan jan leshin amarya. Ja mafi ƙarfi a sRGB shi ne 255, 0, 0. Wayar da ke da Display P3 tana da jan da ya fi wannan zurfi, don haka idan tana son ta nuna ainihin jan da mai hoto ya gani, dole ta rage: ta mayar da lambobin zuwa kusan 234, 51, 35. Wayar da ta karanta furofayil ɗin takan yi wannan lissafi da kanta, ba tare da mai ita ya sani ba. Idan kuwa manhajar ba ta kula da furofayil ba, ko an saita wayar ta riƙa ƙara wa launi armashi, sai ta kunna janta gaba ɗaya, leshin ya yi jan da babu shi a masaƙa. Ita ma fatar mutum, da yake akwai ja a cikinta, sai ta yi kamar an shafa mata jan-baki. Wani abin lura shi ne shuɗin sRGB da na Display P3 iri ɗaya ne. A ja da kore suka bambanta. Shi ya sa a kan waya jan kaya da koren ganye ne suka fi saurin tona matsalar, shuɗi kuwa yakan zauna lafiya.

Kuskuren yana da kishiya. Idan mai hoto ya ajiye aikinsa a Adobe RGB, sannan wata manhajar tura hotuna ta yar da furofayil ɗin a hanya, na'urar da ta karɓa za ta ɗauka sRGB ne. Sai hoton ya fito a koɗe, launukan duk sun yi sanyi. Wanda ya ga hotonsa ya koɗe bayan ya tura, wannan ne wurin da zai fara dubawa. Maganinsa a Photoshop shi ne Convert to Profile zuwa sRGB kafin a fitar da hoton. A kiyayi Assign Profile, domin shi suna kawai yake sauyawa, ya bar lambobin yadda suke, launin kuma ya gurɓace.

Ita waya kuma ba ta zama wuri ɗaya. A wayoyin Samsung akwai zaɓi tsakanin Vivid da Natural, kuma na farkon yana ƙara wa launi ƙarfi da gangan, don abin da ya fi ɗaukar ido shi ya fi sayuwa a kanti. A iPhone akwai True Tone da ke sauya farin fuskar gwargwadon hasken ɗaki, da Night Shift da ke mayar da shi rawaya da dare. Mutum biyu masu waya iri ɗaya za su iya zama a tabarma ɗaya suna kallon hoto ɗaya, kowa da abin da yake gani.

Takarda ita ce ta fi wuya, kuma a nan ne ya kamata a daɗe. Fuskar waya da ta kwamfuta haske suke fitarwa; idan ka haɗa ja, kore da shuɗi a cikinsu, fari za ka samu. Takarda ba ta da hasken kanta. Hasken ɗaki ne ke sauka a kanta, tawada ta shanye wani ɓangare, ragowar ya dawo idonka. Injinan maɗaba'a suna aiki da tawada huɗu da ake rubutawa CMYK: Cyan, shuɗi mai haske irin na sararin sama, Magenta, ja mai ruwan hoda, Yellow, rawaya, sai baƙi. Duk tawadar da ka ƙara, haske kake ragewa. Saboda haka akwai launukan da fuskar na'ura ke nunawa cikin sauƙi waɗanda babu haɗin tawadar nan huɗu da zai fitar da su, kuma shuɗi mai ƙarfi yana kan gaba a cikinsu.

Babu tawadar shuɗi a cikin huɗun. Ana samun sa ne ta haɗa Cyan da Magenta. Idan ka ɗauki shuɗin nan mai ƙyalli na 0, 0, 255 ka mayar da shi CMYK da saitin da Photoshop ya saba zuwa da shi, za ka sami Cyan kusan kashi 88 cikin ɗari, Magenta kusan 77. Sun yi kusa da juna sosai, kuma da zarar Magenta ta matso kusa da Cyan, ido yakan fara ganin shunayya. Ƙari a kan haka, ɗigon tawada yakan ɗan bazu idan ya taɓa takarda, musamman takarda marar santsi, sai launin ya ƙara nauyi. Abin da ya sami ankon ƙawaye ke nan. Tsofaffin ma'aikatan maɗaba'a suna da ƙa'ida a kan wannan: a bar tazarar kusan kashi 30 tsakanin biyun. Cyan 100 da Magenta 70, ko ma 60, yana ba da shuɗin da ya tsaya a shuɗi. Ba zai yi ƙyallin na fuskar waya ba, babu yadda za a yi ya yi, amma ba zai ba amarya kunya ba. Mai tsara katin gayyata a CorelDRAW zai kauce wa wannan tun farko idan ya buɗe aikin a CMYK ya rubuta lambobin da hannunsa.

Ba kowace bugawa ce ke buƙatar CMYK daga hannunka ba. Injinan wanke hoto irin Fuji Frontier da Noritsu fayil ɗin sRGB suke karɓa, haka ma firintocin hoto na Epson da Canon sun fi son a ba su RGB su yi juyin da kansu. Tambaya ɗaya ga mai bugawa, wace irin na'ura zai yi amfani da ita kuma wane fayil yake so, takan ceci kuɗin takarda mai yawa.

Saura duhun fuskoki, wanda a ganina shi ya fi ɓata wa mutane rai, kuma shi ya fi sauƙin gyara. Sababbin fuskokin kwamfuta sukan zo da haske mai ƙarfi, nit 250 zuwa 300, wayoyi kuwa sukan wuce 500, wasu har sama da 1000 a cikin rana. Masu aikin bugawa sukan saita tasu tsakanin 80 da 120. Mai hoton da ke gyara a fuska mai tsananin haske zai ga inuwar ƙarƙashin gyale da gefen kunci a fili, ya ɗauka komai ya yi daidai, har ma ya ƙara duhu don hoton ya yi kwarjini. Fuskar kwamfutar ce ke haska masa abin da babu shi a lambobi. Takarda ba ta da wannan ƙarfi: tazarar da ke tsakanin farinta da baƙinta ba ta kai ta fuskar na'ura ba, sai wurare masu duhu su haɗe su zama baƙi ɗaya. Ga mutanenmu masu duhun fata wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin kamannin fuska da kyanta suna zaune ne a daidai wuraren da ke fara ɓacewa. Gwajin ba ya cin kuɗi. Ka buɗe farin shafi a kwamfuta, ka riƙe farar takarda a gefensa cikin hasken da kake aiki. Idan fuskar ta fi takardar haske nesa ba kusa ba, rage ta har su yi kusa, sannan ka sake duban hoton. Mai halin saye zai iya neman na'urar auna launi irin Spyder, wadda ake ɗorawa a kan fuskar ta auna ta, ta gyara mata haske da launi.

Photoshop yana iya nuna maka tun kafin bugawa yadda hoton zai kasance. A ƙarƙashin View akwai Proof Setup, inda za ka zaɓi furofayil ɗin injin da takardar, sai ka danna Ctrl+Y. Hoton zai ɗan dushe, kuma wannan dushewar ita ce gaskiyar takarda. Shift+Ctrl+Y kuma yana rufe duk launin da tawada ba za ta iya fitarwa ba da ruwan toka. A hoton bikin nan, ankon ne zai fara rufewa. Duk da haka kwaikwayo ne kawai. Kafin a buga kati ɗari biyar ko a cika albam, a fara buga guda ɗaya a kan ainihin takardar da za a yi aikin da ita.

Shi ma wannan gwajin a kula da inda ake duba shi. Farin fuskar kwamfuta an saita shi a ma'aunin D65, mai ɗan shuɗi, yayin da maɗaba'u ke duba aiki a ƙarƙashin D50, wanda ya fi shi ɗumi. Kwan fitilar shago mai rawaya zai sa shuɗin ya dushe, farin kwan LED mai arha kuma zai sa fata ta yi fari-fari marar jini. A fito da takardar bakin ƙofa da rana, a inuwa, mai hoto da mai aikin su dube ta tare kafin a ba injin izini.