Littafin ɗan kasuwar kuɗi: abin da dillali ba zai rubuta maka ba

Duk wanda ke cinikin foreks ko kirifto a waya yana da tarihin cinikinsa ko bai nema ba. Manhajoji irin su MT5 da Binance suna adana lokacin da ka shiga, farashin da ka fita, da abin da ka ci ko ka rasa. Shi ya sa matasa da yawa ke ganin ba su da buƙatar wani littafi. Amma dillali bai san dalilin da ya sa ka shiga ba, bai kuma san ko a fusace kake ba. A waɗannan wurare biyu ne kuɗi ya fi zurarewa. A 2018 hukumar da ke sa ido kan kasuwannin kuɗi ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na asusun ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi. Littafi ba zai fitar da kai daga cikinsu ba, amma zai nuna maka ta inda kake yoyo.

Bari mu bi ciniki guda daga farko zuwa ƙarshe. A ce kana da dala 500, ka kuma yanke cewa ba za ka yarda ka rasa fiye da kashi ɗaya cikin ɗari a ciniki guda ba, wato dala 5. Da safe, bayan buɗe kasuwar Landan, ka ga EURUSD ya dawo wani wuri da ya taɓa tsayawa sau biyu ya juya sama. Ka shirya saye a 1.0850, ka sa `Stop Loss` a 1.0825, ka sa `Take Profit` a 1.0900. Tazarar asara `pip` 25 ce, ta riba 50. Idan ka shiga da lot 0.02, kowane `pip` santi 20 ne, asarar ta tsaya daidai dala 5, ribar kuma dala 10.

Kafin ka danna maɓallin saye, ka rubuta dalili. Kafin, ba bayan ba. Dalilin da aka rubuta bayan an ga sakamako kusan kullum gyararre ne: in an ci sai mutum ya zama gwani, in an faɗi sai laifi ya koma kan kasuwa. Kuma "na ga kamar zai hau" ba dalili ba ne. Dalili shi ne wanda wani zai iya dubawa ya ce e ko a'a: "Farashi ya taɓa 1.0830 karo na uku a taswirar awa ɗaya, kyandir ya rufe a samansa, babu babban rahoto kafin azahar. In ya rufe ƙasa da 1.0825, hasashena ya ƙaryatu." Wannan jimla ta ƙarshe ita ce ta fi tsada a shafin. Wanda ya kasa rubuta abin da zai ƙaryata shi, bai da tsarin fita, addu'a kawai yake yi kada a kama shi. Idan kuwa ka shiga ne don wani ya turo sigina a zauren Telegram, rubuta hakan ƙarara, da sunan zauren.

Sai hoton allo na farko, shi ma kafin shiga. A TradingView akwai alamar kyamara a saman taswira. A waya kuwa ɗaukar hoton allo ta yau da kullum ta isa. Ka tabbata ana ganin sunan kuɗin, tsawon lokacin kyandir, da layukanka uku. Amfaninsa shi ne ɓangaren dama na hoton babu komai, gaba ba ta zo ba tukuna. Bayan mako guda, taswirar da ta cika tana sa komai ya zama kamar a bayyane yake tun farko, hoton nan kaɗai zai tuna maka yadda duhun yake lokacin da ka yanke shawara.

Yanzu ciniki ya buɗe. Farashi ya hau zuwa 1.0870, sai ya fara saukowa. Gabanka ya faɗi, ka tuna jiya ka yi asara biyu, ka rufe a 1.0862. Ka ci `pip` 12, dala 2 da santi 40. A tarihin dillali wannan riba ce. A littafinka kuwa sai ka auna shi da abin da ka jefa cikin haɗari: dala 5 ita ce ma'auni guda, wanda masu harkar ke rubutawa R. Ka shirya cin 2R, ka tashi da kusan 0.5R. A gurbin fita za ka rubuta: "Na rufe da hannu, ba abin da ya ƙaryata dalilina." Ka ɗauki hoto na biyu, da yamma kuma ka dawo ka ƙara layi guda: farashi ya kai 1.0900 ko ya bugi iyakar asara?

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai cin 2R yana rasa 1R, ciniki ɗaya cikin uku ya ishe shi ya mayar da uwar kuɗi. Mai yanke ribarsa a rabin R yana barin asara ta cika, sai ya ci biyu cikin uku kafin ya tsaya inda yake. Halin kuma ba na mutum ɗaya ba ne. A 1998 masanin tattalin arziki Terrance Odean ya binciki asusu 10,000 na masu hannun jari a Amurka, ya gano sun fi saurin sayar da wanda ya yi riba, suna riƙe wanda ke faɗuwa.

Gurbin yanayin zuciya shi ne wanda aka fi tsallakewa, wataƙila don namiji na jin nauyin rubuta "tsoro". Ba a buƙatar dogon labari. Kalma ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da ka zaɓa, kamar natsuwa, tsoro, haɗama, ramuwa, gundura, sai lamba daga 1 zuwa 5 ta ƙarfinsa, a shiga da a fita. Kada ka riƙa sauya kalmomin, domin in yau ka ce "haushi" gobe "ɓacin rai", ba za su ƙirgu tare ba. Ƙara abin da ya kewaye ka in ya taɓa cinikin: ba ka yi barci ba, kuɗin haya ne ke binka, ko caji ya kusa ƙarewa ga ba wuta, ka rufe da wuri.

Littafin takarda yana aiki, amma Excel ko Google Sheets sun fi sauƙin tacewa. Ka ware gurbi guda mai tambaya ɗaya: na bi tsari? Idan sakamakon R yana layin G, amsar kuma tana H, wannan zai ba ka matsakaicin cinikin da ka saɓa wa kanka:

```
=AVERAGEIF(H:H,"a'a",G:G)
```

A ce bayan ciniki 30, goma sha takwas da ka bi tsari sun ba ka 7.2R, sha biyun da ka saɓa sun cinye 9.6R. Dillali zai ce ka faɗi da dala 12, sai ka ɗauka dabararka ce ba ta aiki, ka tafi neman sabon malami. Littafin kuwa ya ce ka duba sha biyun nan. Sau da yawa za ka tarar rabinsu an buɗe su cikin minti kaɗan bayan asara, da kalmar "ramuwa" a gefe. Daga nan doka ɗaya ke fitowa, misali babu sabon ciniki sai bayan awa guda da faɗuwa. Ciniki 30 sun yi kaɗan a ce dabarar ta tabbata, amma sun isa su tona hali.

Inda littafin ke mutuwa sananne ne. In ka ga guraben sun haura ashirin, ba za ka kai mako uku kana cike su ba. Mafi muni kuma shi ne tsallake ranakun baƙin ciki. Duk Asabar, lokacin da kasuwar foreks take rufe, ka ƙirga cinikin da ke shafin `History` na manhajarka, ka ƙirga layukan littafinka. In dillali yana da 14 kai kana da 11, ukun da suka ɓace su za ka fara nema.