Me ya sa CTR ke sauka daidai lokacin da bidiyonka ya fara yaɗuwa?

Ka ɗora bidiyo a YouTube, ranar farko CTR ya nuna 10%. Bayan mako guda ka leƙa YouTube Studio, sai ka tarar ya koma 4%. Kafin ka yi saurin canza hoton bangon bidiyon, tsaya mu duba lissafin.

CTR rabawa ce kawai: yawan dannawa a raba da yawan nunawa, wato abin da Studio ke kira Impressions. Ana ƙirga nunawa ɗaya idan aƙalla rabin hoton ya bayyana a allon mutum fiye da daƙiƙa ɗaya.

To, wa ake nuna wa? Nan zancen yake. Galibi waɗanda suka fara ganin sabon bidiyo mabiyanka ne da masu yawan kallon tasharka. Sun san ka, ba sai an roƙe su ba. Idan bidiyon ya karɓu a wurinsu, sai YouTube ya kai shi shafin farko na mutanen da ba su taɓa jin sunanka ba, wasunsu ma ƙwallo suka shigo nema.

Mu ƙaddara bidiyon na gyaran cajin waya ne. Ranar farko an nuna shi sau 2,000, aka danna sau 200, wato 10%. A sauran kwanakin an ƙara nuna shi sau 50,000 ga baƙi, aka danna sau 2,000, wato 4%. A haɗe, dannawa 2,200 cikin nunawa 52,000, kusan 4.2% ke nan. Kason ya faɗi, amma dannawa ta ninka sau goma sha ɗaya. Hoton bai lalace ba, masu ganinsa ne suka canza. Kuma da yake baƙin sun fi yawa nesa ba kusa ba, su ne suka rinjayi jimillar.

Shi ya sa ni ban cika amincewa da lambar nan ita kaɗai ba. Ka ware ta bisa hanyar da masu kallo suka zo. Wanda ya rubuta "wayata ba ta caji" a YouTube search da buƙatarsa ya zo, don haka CTR na wurin yakan fi na Browse features. Kwatanta kowace hanya da irinta a bidiyoyinka na baya.

Yaushe saukar ta zama matsala? Idan CTR na sauka alhali nunawa ta tsaya cik ko tana raguwa, wannan kam sai a duba hoton da kanun. Mai yiwuwa mutanen da suka riga suka wuce shi ake ta sake nuna wa. Idan kuwa CTR na sama amma Average view duration ya yi ƙasa, hoton ya yi alƙawarin da bidiyon bai cika ba.

Kuma kada ka yanke hukunci da nunawa ɗari ko biyu. A nunawa 100, mutum uku kacal sun isa su mayar da 5% ya zama 8%.