“Wayata Ta Yi Nauyi”: Ƙorafin Da Ba Ya Isar Mai Gyara

Duk wanda ya ɗan zauna a rumfar masu gyara a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano ya san wannan maganar. Mutum zai ajiye waya a kan tebur ya ce, “Malam, ta yi nauyi, a duba min.” Shi ke nan. Mai gyara nagari zai tsaya ya yi tambayoyi. Mai gaggawa kuwa sai ya ce a yi mata filashin, wato a goge komai a sake zuba mata manhaja, hotunan biki da lambobin mutane su tafi a banza. Abin da ke damuna ke nan, domin sau da yawa matsalar ba ta kai nan ba.

Goggona mai sayar da atamfa ce, kuma a waya take yawancin cinikinta. Ranar da na raka ta wurin gyara, abin da ta iya faɗa kawai shi ne wayar ta gaji. Saurayin bai ko buɗe bayan wayar ba.

“Hajiya, wace iri ce?”

Ta faɗi sunan kamfanin. Ya ce wannan bai isa ba, domin kamfani ɗaya yana da ƙirar waya iri-iri. Ya shiga Settings, ya taɓa About phone, ya ga RAM ɗinta 2 GB ne, ma’ajiyarta kuma 32 GB. Mutane kan haɗa biyun su kira su memori, alhali aikinsu daban ne. RAM kamar teburin shago yake, inda ake baje kayan da ake ciniki yanzu. Ma’ajiya kuwa ita ce sito. Waya mai ƙaramin tebur ba ta iya riƙe manhajoji da yawa a buɗe, don haka wani nauyin halinta ne, babu gyaran da zai raba ta da shi.

“To a ina take yi miki nauyin?”

Wannan tambayar ita ce ta fi raba gardama. Idan bidiyo ne ke tsayawa ko saƙo ke jinkirin tafiya, amma kalkuleta da hotuna suna buɗewa nan take, laifin sabis ne, wayar lafiyarta ƙalau. Idan sai ta ɗauki zafi take rarrafe, na’urar ce ke rage gudu da kanta don kada ta lalace, kuma hakan ya fi faruwa ga mai latsa waya tana caji a tsakiyar bazara. Ita Goggo ta ce ko’ina ne: rubutu sai ta jira haruffa su fito, kyamara kuma ta fara ƙin ajiye hoto.

Jin batun kyamara, sai ya wuce Storage. Abin da ya rage a cikin 32 GB ɗin bai kai rabin giga ba. Waya tana bukatar fili don ajiye ƙananan bayanan wucin gadi yayin da take aiki, kuma irin ma’ajiyar da ke cikinta tana rage saurin rubutu idan ta kusa cika. Ya buɗe WhatsApp, ya bi Settings, Storage and data, Manage storage, sai ga 14 GB na bidiyo da hotuna, har da wani wa’azi da ya shigo sau biyar daga guruf daban-daban.

“Hajiya, tun yaushe ta fara?”

Ta yi shiru, can ta ce bayan ƙaramar salla, lokacin da aka sa ta a wasu guruf uku na ’yan kasuwa. Magana ta fito. Nauyin da ya taru sannu a hankali cikin watanni yakan nuna cikar ma’ajiya. Wanda ya faɗo rana ɗaya kuwa yana da mafari: sabuwar manhaja, sabunta tsarin waya, sabon katin memori na jabu, ko faɗuwa a ƙasa. Da Goggo ta ce shekaranjiya ya fara, da ya kunna wayar a Safe mode, inda manhajojin da mai waya ya sauke ba sa tashi; in ta sake a can, an san ɗaya daga cikinsu ce mai laifi.

Ya sa ta zaɓi hotunan kayanta da take so, aka kwashe su zuwa kwamfuta, aka goge sauran tarkacen. Sannan ya shiga Media auto-download ya hana bidiyo sauka da kansa. Fili ya koma kusan 10 GB, haruffa suka dawo suna bin yatsa. Ya gaya mata gaskiya cewa RAM ɗin yana nan yadda yake, in ta buɗe manhajoji biyar lokaci guda za ta sake jin jinkiri. Aikin duka bai ci rabin awa ba, kuma ko lamba ɗaya ta abokan cinikinta ba ta ɓata ba.