Hoton WebP: Kada Lamba 80 Ta Ruɗe Ka

Idan shafin intanet ya yi ta jan ƙafa kafin ya buɗe, yawanci hotuna ne suka yi masa nauyi. Don rage wannan nauyi ne kamfanin Google ya fito da tsarin WebP a 2010, kuma tun da Safari ya karɓe shi a 2020, duk manyan manhajojin buɗe shafi suna nuna shi. Gwajin da Google ya yi ya nuna WebP ya fi JPEG sauƙi da kashi 25 zuwa 34 cikin ɗari idan kyansu ɗaya. To, maganar tana wajen "idan kyansu ɗaya" ɗin.

A ce mai sayar da shadda ya ɗauki hoton hajarsa da waya, faɗinsa fiksel 4000. Shafinsa ba ya bukatar fiye da 1200, don haka ragewa ce aikin farko, kuma sau da yawa ita ke sauke mafi yawan nauyin, ba sauya tsari ba. Manhajar cwebp tana yin duka biyun:

```
cwebp -resize 1200 0 -q 80 shadda.jpg -o shadda.webp
```

Sifilin yana sa tsawo ya bi faɗi, hoto bai karkace ba. Ita kuwa 80 ma'aunin inganci ce, kuma a nan mutane ke yin tuntuɓe. Kowane tsari da mudunsa: 80 ta WebP ba ita ce 80 ta JPEG ba. Wanda ya ba su lamba ɗaya, ya ga WebP ya fi ƙanƙanta, bai tabbatar da komai ba tukuna, domin wataƙila kyan hoton ne ya zube.

Sai a fitar da su biyun daga hoton asali, a faɗi ɗaya, a jera su, a zuƙo. Ɓarnar JPEG tana fitowa da ƙananan murabba'ai da dusu-dusu a gefen rubutu. Ta WebP ta fi ɓuya, shafe abu take yi: saƙar shadda ta koma sumul, jan zaren aiki ya ɗan zubo daga iyakarsa. Mai saye kuwa saƙar yake son gani. Idan ta ɓace, a ɗaga lambar zuwa 85 ko 90 har ta dawo, sannan a duba nauyi.

Idan JPEG ɗin ya tsaya a KB 200, lissafin Google ya sa a yi tsammanin WebP tsakanin 132 da 150. A shafi mai hotuna 20, an rage wa mai buɗewa kusan MB 1 na data ke nan, ko fiye. Amma a hoto mai yawan saƙa ratar takan ragu, haka ma idan da MozJPEG aka matse JPEG ɗin, wani lokaci har su zo kusan daidai.

Hoton da ya riga ya sha matsa, kamar wanda ya biyo ta WhatsApp, maida shi WebP ba ya gyara shi. Tsohuwar ɓarna tana nan, ga sabuwa a kai. Shi ya sa ake adana na asali, a riƙa fitar da kowane kwafi daga gare shi.