Mutum Nawa, Asibiti Nawa? Lissafin da Ake Yi Kafin Gwajin Maganin Damuwa

A birnin Harare na ƙasar Zimbabwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da dattawan mata ma'aikatan lafiya na unguwa, su riƙa zama a kan benci a harabar asibiti suna tattaunawa da masu fama da damuwa, zama shida ga kowane mutum. Da aka tashi gwada ko shirin yana aiki, sai aka jefa ƙuri'a a kan ƙananan asibitoci 24, ba a kan mutane ɗaiɗaiku ba: 12 suka samu shirin benci, 12 suka ci gaba da kulawar da aka saba tare da ɗan ƙari. Mutum 573 aka ɗauka, sakamakon ya fito a mujallar JAMA a 2016.

Dalilin raba asibitoci a fili yake. Idan maƙwabta biyu suna zuwa asibiti ɗaya, wadda ta zauna a benci za ta kwashe abin da ta koya ta faɗa wa wadda ba ta zauna ba, kwatancen ya lalace. Sai dai wannan dabara tana da tsada, kuma a lissafin yawan mutane ake biyanta.

A ɗauki misali na ƙiyasi. Mai bincike yana auna damuwa da maki. Ya yanke cewa raguwar maki 2 ita ce mafi ƙarancin sauƙin da ya cancanci a kashe masa kuɗi, alhali makin jama'a yakan warwatsu da kimanin 5 sama ko ƙasa da matsakaici. Yana son in har shirin yana da wannan tasiri, binciken ya gano shi sau 80 cikin 100, wannan shi ne ƙarfin bincike. Ya kuma amince da haɗarin kashi 5 cikin 100 na ganin tasirin da babu shi. Da a kan mutane ɗaiɗaiku za a yi ƙuri'ar, mutum 98 a kowane ɓangare sun wadatar.

To amma mutanen unguwa ɗaya suna kama da juna. Talauci ɗaya ke cinsu, ma'aikaciya ɗaya ke duba su. Kamar mai ɗanɗana miya ne: ludayi ashirin daga tukunya ɗaya ba za su gaya masa yadda girkin gari yake ba. Ana auna wannan kamanceceniya da wani adadi da ake kira ICC, daga sifili zuwa ɗaya, sannan a faɗaɗa lissafin da shi:

```
DE = 1 + (m - 1) × ICC
```

A nan m shi ne yawan mutanen da za a auna a kowane asibiti. Idan 20 ne, ICC kuma 0.05, amsar 1.95 ce. Wato 98 ɗin nan sun koma kusan 191, asibiti 10 ke nan a kowane ɓangare. Tunda wasu za su ƙaura ko su daina zuwa kafin wata shida, a ce mutum ɗaya cikin biyar, sai a ɗauki 25 a kowane asibiti domin 20 su rage. Jimilla asibiti 20, mutum 500. Masu taka-tsantsan sukan ƙara asibiti ɗaya a kowane ɓangare idan adadin bai da yawa.

Adadin 0.05 ƙanƙani ne a ido, amma ya kusa ninka aikin. Da 0.10 ne, sai an nemi asibiti 15 a kowane ɓangare. Shi ya sa ba a tsinto shi a iska. Daga gwajin farko ko binciken baya mai kama da wannan ake samo shi, a kuma gwada lissafin da adadi biyu ko uku.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne lokacin da kuɗi ya gaza. Sai a ce a rage asibitoci zuwa huɗu a kowane ɓangare, a cika su da mutane. Lissafi bai yarda ba. Iyakar abin da ɓangare zai iya bayarwa shi ne yawan asibitocinsa a raba da ICC: 4 a raba da 0.05, daidai da mutum 80. Ko dubu aka tara a kowane asibiti, ba za a kai 98 ba. An wahalar da masu damuwa da tambayoyi wata da watanni, a ƙarshe a ce shirin bai nuna tasiri ba, alhali binciken ne bai da ƙarfin ganinsa. Wannan zalunci ne gare su.

A Ibadan, gwajin STEPCARE na Farfesa Oye Gureje, wanda ya fito a 2019, ya raba asibitoci 35. Duk wanda aka kawo wa takardar neman kuɗin irin wannan bincike, ya fara duba yawan asibitocin da ICC ɗin da aka yi lissafi da shi. In ba a rubuta su ba, ya mayar da takardar a gyara.