Kafin takarda ta kai teburin Gwamna

A ma'aikatun gwamnati, duk wani babban aiki da takarda yake farawa, wadda ma'aikata ke kira memo. Wani jami'i ne ke rubuta daftarinta, darakta ya duba, ta bi ta hannun Babban Sakatare da Kwamishina, sannan ta isa ga Gwamna ko majalisar zartarwa. Wanda ya san aikin duba irin wannan daftari ba ya farawa daga shafin farko. Ƙarshe yake buɗewa, inda aka rubuta abin da ake nema a amince da shi.

Bari mu ɗauki misali daga ilimin firamare. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin asusun bai-ɗaya na Gwamnatin Tarayya ga hukumar UBEC, amma jiha ba ta karɓar tallafin ayyuka sai ta ajiye nata kason daidai da wanda za a ba ta. A ce an rubuta daftari kan wannan, ya ƙare da cewa ana roƙon Mai Girma Gwamna "ya duba yiwuwar inganta makarantun firamare". Idan Gwamna ya rubuta "Na amince" a ƙasan wannan jimla, me Akanta Janar zai yi gobe da safe? Ba komai, domin babu adadi, babu asusu, babu rana. Gyaran shi ne a ce a saki naira biliyan 2 daga kason ilimi na kasafin bana zuwa asusun SUBEB kafin ƙarshen Maris, domin a karɓo wasu biliyan 2 daga UBEC. Yanzu ana iya cewa i ko a'a. Sau da yawa marubucin ya san abin da yake so sarai, tsoron a ce ya yi wa manya katsalandan ne ke sa shi kewaye-kewaye.

Daga nan sai hujjoji, kuma nan ne ake daɗewa. Kowace lamba a tambaye ta inda ta fito da shekarar da aka tattara ta. Idan daftarin ya ce akwai cunkoso a ajujuwa, daga ƙidayar makarantu ta shekara-shekara aka ɗauko, ko daga jawabin wani a wurin taro? Yaran da ke cikin rajista aka ƙirga, ko waɗanda ke zuwa aji? Matsakaicin adadi ma yana ɓoye abu: makarantun cikin birni na iya cika maƙil alhali na wasu ƙauyuka rabin aji fayau.

Sai a ɗauki biro a yi lissafin da marubucin bai yi ba. A ce daftarin ya ambaci ƙarancin ajujuwa 900, kowanne a kan naira miliyan 10. Jimla biliyan 9 ke nan. Kuɗin da ake magana a kai biliyan 4 ne, wato ajujuwa 400 ko da an zuba duka a gini, ba tare da benci ko banɗaki ba. To idan takardar ta yi alkawarin kawo ƙarshen cunkoso, hujjarta ba ta kai ga alkawarinta ba. Dole ta faɗi waɗanne ƙananan hukumomi za a fara da su da kuma dalili. Akwai kuma kuɗin da ke biyo baya: sabon aji yana buƙatar malami, albashin malaman firamare kuwa galibi daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi duk wata. Daftarin da ya yi shiru a kan wannan, wani a majalisa zai tono shi, a mayar da fayil ɗin baya. Ni a ganina, takardar da ba ta kawo wata hanya ko ɗaya ba, kamar gyaran tsofaffin ajujuwa maimakon gina sababbi, ta kuma faɗi dalilin barinta, ba ta gama nuna ba.

Saura mai karatu. Gwamna na da fayil-fayil jibge a gabansa, don haka buƙatar, kuɗinta da abin da za a rasa idan an yi jinkiri su fito a shafin farko. Tarihin dokar da jadawalin makarantu su koma rataye a baya. Kwamishinan Kuɗi kuwa lambar kason kasafi zai nema, da ko akwai ragowar kuɗi a cikinsa. Hanya mai sauƙi ta gwadawa ita ce a miƙa daftarin ga wani daga wani sashe daban, a ba shi minti biyu, a karɓe takardar, a tambaye shi me ake nema, nawa ne, kuma zuwa yaushe. Duk tambayar da ya kasa amsawa, sakin layinta ne za a sake rubutawa.